Jehwa, ruhe, taka: fashin baƙin yadda ake ƙulla waƙar shuka mai amshi

Ranar da ruwan shuka ya sauka a ƙasar Sakkwato, manomi ba ya da lokaci mai yawa a hannunsa. Mafi yawan gonakin tudu jigawa ce, rairayi ne mai saurin shan ruwa da saurin bushewa, don haka idan an yi ruwa da dare, kwana ɗaya zuwa biyu ne kawai ake da su kafin saman ƙasa ya koma gari. A kudancin jiha, wajen Tambuwal da Kebbe, wannan rana kan zo tun ƙarshen watan Mayu ko farkon Yuni. A arewa kuwa, su Illela da Gada da Tangaza, wani lokaci sai an kai tsakiyar Yuni ko ma an gota. Duk inda ta zo, gida ne ke tashi gaba ɗaya: maza da sungumi a gaba suna sara, mata da yara a baya da 'yan ƙorai suna jefa iri suna rufewa.

Waƙar da ta dace da wannan aiki ba irin waƙar noma ba ce, kuma a nan masu son tsara ta suka fi yin kuskure. Kiɗan noma na gayya, wanda ake yi da ganga lokacin firi ko maimai ko huɗa, zuga ce tsantsa. Makaɗi yana kirari, yana cusa wa samari wuta, kowa na son ya riga ɗan'uwansa fita kuyya. Wannan ya yi daidai da noma, domin wanda ya ƙara sauri ya ƙara aiki. Shuka ba haka take ba. Mai shuka da ya ƙara sauri zai tsallake rami, ko ya zuba iri a gefe, ko ya rufe bai danne ba, kuma ba za a gane ɓarnar ba sai bayan kwana huɗu ko biyar, lokacin da gero ya tsiro aka ga giɓi a layi, laima kuma ta riga ta tafi. Saboda haka aikin waƙar shuka shi ne ta riƙe mutane a kan taki ɗaya, ta hana na gaba tserewa, ta ja na baya, ta kuma riƙa tuna wa hannu da ƙafa abin da za su yi.

Ga waƙar da za mu warware. An tsara ta da Sakkwatanci don bakin da zai rera ta ya same ta da sauƙi, kuma don shukar gero a jigawa.

Gindi, kowa da kowa:
Ruwa sun sauka, a kai iri gona.

Jagora: Da sunan Allah munka hwara,
Amshi: Jehwa, ruhe, taka.
Jagora: Mai ruwa Shi sa albarka,
Amshi: Jehwa, ruhe, taka.
Jagora: Salati ga Ɗan Amina,
Amshi: Jehwa, ruhe, taka.

Jagora: Tona ƙasa ka ga laima,
Amshi: Jehwa, ruhe, taka.
Jagora: Kamu guda shi aka nema,
Amshi: Jehwa, ruhe, taka.
Jagora: Yayyahi ba ruwan shuka na ba,
Amshi: Jehwa, ruhe, taka.

Jagora: Mai sungumi, taki guda,
Amshi: Jehwa, ruhe, taka.
Jagora: Rami kash shi wuce yatsa,
Amshi: Jehwa, ruhe, taka.
Jagora: Dubi na dama, ka daidaita,
Amshi: Jehwa, ruhe, taka.

Jagora: Da yatsa ukku aka ɗiba,
Amshi: Jehwa, ruhe, taka.
Jagora: Ba damƙi ba, ɗiyan baba,
Amshi: Jehwa, ruhe, taka.
Jagora: Mai ɓannar iri ya sha kunya,
Amshi: Jehwa, ruhe, taka.

Jagora: Kurege na laɓe ga geza,
Amshi: Jehwa, ruhe, taka.
Jagora: Zabi na bin mu ga baya,
Amshi: Jehwa, ruhe, taka.
Jagora: Taka da diddige, ba yatsa,
Amshi: Jehwa, ruhe, taka.

Jagora: Ruhewa na jiran kaka,
Amshi: Jehwa, ruhe, taka.
Jagora: Hura da nono na bisa hanya,
Amshi: Jehwa, ruhe, taka.
Jagora: Mun kai iyaka, a sha iska,
Kowa da kowa: Ruwa sun sauka, a kai iri gona.

Daga amshi ake farawa

Wanda zai ƙulla irin wannan waƙa bai kamata ya fara da layin jagora ba, ko da yake shi ne ya fi daɗin tsarawa. Amshi ne ginshiƙi, domin shi ne ke fita daga bakin masu aiki, su kuwa numfashinsu rabe yake tsakanin tafiya da sunkuyo da waƙa. Dubi abin da mai shuka ke yi a kan kowane rami. Zai tsunkuli iri daga ƙwaryar da ke hannunsa na hagu ya jefa a rami, ya turo ƙasa da gefen ƙafa ya rufe, sannan ya danna da diddige yana miƙa ɗaya ƙafar zuwa rami na gaba. Motsi uku ne, shi ya sa amshin ya zama kalma uku, kowace kalma tana faɗawa a kan motsinta.

Akwai abin da ya sa waɗannan kalmomi uku suka zauna daram, ba wai don ma'anarsu kawai ba. Dukansu umarni ne, kuma umarni mai gaɓa biyu irin wannan a Hausa murya ƙasa take farawa ta hau sama. Ka faɗi "jehwa", ka faɗi "ruhe", ka faɗi "taka", za ka ji hawa iri ɗaya sau uku. Wannan ya sa ko yaron da bai taɓa jin waƙar ba yana kama karinta daga ji na biyu, ba sai an koya masa ba. Sannan ka lura da nauyin gaɓoɓin farko. "Je" doguwa ce, tana ba hannu lokacin sakin iri. "Ru" gajeruwa ce, daidai da turin ƙasa da ƙafa, wanda ba ya ɗaukar lokaci. "Ta" kuma doguwa ce, a kanta ne nauyin jiki ke sauka a diddige. Da za a musanya kalmar ƙarshe da wata mai gajeruwar gaɓar farko, ƙafa ba za ta sami inda za ta zauna ba, dannawa sai ta ragu ba tare da kowa ya yi niyya ba. Za mu dawo kan wannan, domin akwai ƙasar da ake son hakan da gangan.

Amshin gaɓa shida ne. Idan ya haura takwas, mutane za su fara haɗiye ƙarshensa tun ba a gama layi biyu ba, daga nan sai a ji muryoyi na raguwa, a bar yara biyu ko uku suna ta yi su kaɗai. Wannan ita ce alama ta farko da ke nuna amshi ya yi tsawo. Alama ta biyu ita ce a ga wasu na tsayawa cak a kan rami sai sun gama faɗa kafin su ɗaga ƙafa. Waƙa ta koma tana jan aiki baya ke nan.

Layin jagora kuwa an bar shi tsakanin gaɓa takwas da goma. Dalilin lissafi ne mai sauƙi. Jagora yana rera layinsa a kan rami ɗaya, masu aiki su yi shiru suna aiki suna jan numfashi, sannan su amsa a kan rami na biye. Wato kowane layi da amshinsa ramuka biyu ne. Mu ɗauka ana shuka rami 30 a minti ɗaya, wanda tafiya ce da babba da yaro mai wayo za su iya jurewa. Kowane rami daƙiƙa biyu ke nan. Gaɓa takwas ko tara suna shiga daƙiƙa biyu ba tare da cushe ba. Gaɓa goma, irin "Hura da nono na bisa hanya", sai jagora ya ɗan matse. Goma sha biyu ba za su shiga ba, dole ko dai jagora ya gaggauta har ba a jin abin da yake faɗa, ko ya ci lokacin amshi, kari ya karye.

Da wannan lissafi ana iya sanin yawan waƙar da gona ke bukata. A gona mai faɗin hekta ɗaya, mita 100 kowane gefe, idan an bar mita ɗaya tsakanin rami da rami da kuma tsakanin layi da layi, ramuka 10,000 ne, kowane layi da rami 100. Layi ɗaya na gona zai ci layin jagora 50, kuma zai ɗauki minti uku da ɗan ƙari. Waƙar da ke sama layin jagora 18 gare ta, wato ramuka 36, don haka sai an zagaya ta kusan sau uku kafin a fita layi guda. Idan mutum biyar ne ke jere suna shuka, za su yi sawu 20 kafin su gama hektar. Ka ga layi 18 ba za su isa ba. Ƙashin baya ne kawai, wanda jagora zai riƙa komawa gare shi, amma dole ya iya ƙirƙirar sababbin layuka nan take daga abin da idonsa ke gani. Shi ya sa ba a ba mai sara jagoranci, numfashinsa na kan sungumi kuma bayansa ya juya wa mutane. Wanda ya fi dacewa shi ne babba daga cikin masu jefa iri, a tsakiyar jeri, inda yake ganin hagu da dama.

Abin da kowane ɗa ke ɗauke da shi

Ɗan farko, wato baitin farko na waƙar, buɗewa ne da sunan Allah da salati, kamar yadda aka saba buɗe kowane aiki. Amfaninsa ga kari shi ne kowa ya san abin da ke zuwa, don haka a kansa ne ƙafafu ke daidaituwa. Jagora ya fara shi a hankali fiye da yadda yake so a tafi, sai a ɗa na biyu ya kai saurin da za a riƙe.

Ɗa na biyu, na laima, shi ne ya fi kowane nauyi ta fuskar noma, duk da cewa hukuncin da yake magana a kai an riga an yanke shi kafin a fito. Ana rera shi don yara su tashi da shi a baki. Ruwan farko na yaudara. Sama za ta yi duhu, a yi iska da ƙura, a yayyafa, gari ya waye da ƙanshin ƙasa, amma idan ka tona sai ka tarar jiƙar ba ta wuce yatsa biyu ba, ƙarƙashi busasshen rairayi ne mai zafi. Wanda ya shuka a kan wannan, irinsa zai sha laima ya fasa, saiwa ta nufi ƙasa ta tarar da bushewa, tsiro ya ƙone cikin 'yan kwanaki. Ga asarar iri, ga asarar wahala. Gwajin manoma shi ne a tona da hannu a tsakiyar gona, ba a kwari inda ruwa ya taru ba, a ga ko jiƙa ta kai kamu ɗaya, wato wajen santimita 20, a kuma dunƙula ƙasar a ga ta kama jikinta. Masu awon ruwa kan ce ruwan da ya kai milimita 20 shi ne na shuka, kuma a jigawa wannan ya yi kusa da abin da kamu ke nunawa. "Kamu guda shi aka nema" duk wannan bayani ne aka naɗe cikin gaɓa tara.

Ɗa na uku na masu sara ne. "Taki guda" yana nufin tazara: mai sungumi yana tafe yana sara ɗaya a kowane taki mai faɗi, abin da ke ba da tsakanin santimita 75 da mita ɗaya. A gonar da ba ta da ƙarfi tazara mai faɗi ta fi, musamman da yake za a zo a shuka wake a tsakani bayan gero ya tashi. Zurfi kuma shi ne inda ƙarfin samari ke ɓata aiki. Ƙwayar gero ƙanƙanuwa ce, abincin da ke cikinta bai isa ya turo tsiro daga nesa ba. Ƙasar da za ta hau kanta kada ta wuce gaɓa biyu na yatsa, santimita 3 zuwa 5. Idan rami ya yi zurfi aka cika shi, tsiro zai ƙare a hanya, ka tona ka same shi fari a lanƙwashe bai ga rana ba. Idan kuma ya yi sama-sama, rana ta busar da shi ko tururuwa ta kwashe. Layin "Dubi na dama, ka daidaita" shi ke sa layuka su miƙe su yi tazara ɗaya, abin da za a gode masa ranar firi, balle ga mai huɗa da shanu.

A nan ne jagora mai ido yake ƙara layin da ba ya cikin rubutacciyar waƙar, kuma a ganinmu babu layin da ya fi shi amfani:

Jagora: Mai sungumi, jira na baya,
Amshi: Jehwa, ruhe, taka.

Sara ta fi shuka sauri. Mai sungumi motsi ɗaya yake yi a kan rami, mai shuka uku. Idan aka bar shi zai yi nisa da layi biyu ko uku, ramuka su zauna a buɗe. Da hantsi, a rairayi, ga iska, buɗaɗɗen rami ba ya jimawa bakinsa ya yi fari, busasshiyar ƙasa ta gangara ciki, iri ya faɗa a kan gari maimakon laima. Ana gane haka daga kalar ramin: mai laima duhu ne da shi, wanda ya sha iska ya koma kalar saman gona. Don haka karin waƙa na masu jefa iri ne, mai sara ne zai bi su, ba su za su bi shi ba. Inda hannu ya wadata, a sa mutum biyu bayan sungumi ɗaya, kowa ya ɗauki layinsa ko su riƙa tsallake wa juna rami.

Ɗa na huɗu awon iri ne. Tsunkule da yatsa uku, babban yatsa da manuni da na tsakiya, yakan ɗauko ƙwaya 20 zuwa 30 na gero. Wani zai ce ai ya yi yawa tunda uku za a bari a ƙarshe, amma da dalili. Tsirrai da yawa a rami ɗaya suna haɗa ƙarfi su fasa ɓawon da ƙasa ke yi bayan ruwa, suna kare juna daga rairayin da iska ke watsowa, kuma ko ƙwari sun ci wasu za a sami saura. Bayan mako biyu zuwa uku, wajen noman firi, sai a rage a bar uku mafi ƙarfi. Da irin wannan tsunkule, ramuka 10,000 za su ci kilo 2 zuwa 3, wajen tiya guda. Yaron da ya gaji kuwa damƙa yake yi, ya watsa. Sai iri ya ƙare gona ba ta kai rabi ba, inda aka zuba kuma tsiro ya fito cunkus kamar ciyawa, siri-siri, rage shi ya zama wani aikin. Dubi yadda layin ya tsawata ba tare da kama suna ba: "ɗiyan baba" kowa ne, kuma kalma ce ta lallashi. Wannan ƙa'ida ce da bai kamata a karya ba. Zambo da kama suna na iya tafiya a gayyar samari, amma a shuka da ƙananan yara da matan gida ake yi, yaron da aka kunyata a waƙa zai yi shiru, amshi ya rasa murya, shi kuma hannunsa ya ƙara rikicewa. In wata ce ke yawan tsallake rami, jagora ya rera "Rami na kuka ga baya" ya wuce, mai abin ta san kanta.

Ɗa na biyar ya ɗora laifi a kan kurege da zabi, kuma nan ne habaici ya sami wurin zama, domin su ba sa fushi. Maganar gaskiya ce kuma: kurege da ɓera da zabi da fakara suna bin sawun shuka suna tonewa, ramin da aka rufe sako-sako shi suka fi samu da sauƙi. Amma babban dalilin dannawa da diddige ya wuce ɓarayi. Dannawa ce ke manna ƙwaya da ƙasa mai laima har ta sha ruwa ta fasa, tana kuma rage saurin bushewar ramin. Wanda ya tura ƙasa da yatsun ƙafa ya wuce, ramin zai yi kama da rufaffe a ido, alhali iri na kwance cikin iska. Idan bayan kwana huɗu aka ga layi ɗaya ya fito tsaf, na kusa da shi kuma jefi-jefi, iri ɗaya, rana ɗaya, to ƙafa ce ta bambanta.

Ɗan ƙarshe ne kawai ke da ɗan zuga, ita ma mai sanyi: rufewa, wato rumbun ƙasa, da ke jiran kaka, fura da ke tafe. Ana ajiye shi don ramukan ƙarshen layi, sai a rufe da gindi a bakin iyaka. Gindin ya fi amshi tsawo, gaɓa goma sha ɗaya, kuma da gangan ne, saboda a tsaye ake rera shi lokacin juyawa, ana miƙe baya, ana ƙara iri a ƙwarya. Kada a saka shi a tsakiyar layi.

Wani abin lura a kan amsa-amo. Duk layukan jagora da "a" suka ƙare, amma baƙin da ke gabanta na canzawa: laima, nema, guda, yatsa, geza. A rubutacciyar waƙa za a iya ƙorafi, a waƙar baka ta aiki kuwa wannan ya wadatar, domin amshi ne ke riƙe kunne. Sassaucin yana da amfani, tunda kalmomin Hausa masu ƙarewa da "a" ba su ƙirguwa, jagora zai iya ƙago layi cikin daƙiƙa biyu bai tsaya neman kalma ba. Wanda ya ɗaure kansa da ƙafiya mai tsauri zai yi tuntuɓe a tsakiyar gona, kuma shirun jagora na rami biyu ya isa ya wargaza jeri.

Inda dole waƙar ta canza

Abin da aka tsara don gero a jigawa ba zai tafi ko'ina yadda yake ba. A ƙasa mai laka, irin ta gefen fadamun Gulbin Rima wajen Wurno da Goronyo, inda aka fi shuka dawa, dannawa da ƙarfi illa ce. Jiƙaƙƙiyar laka da aka take tana bushewa ta yi tauri kamar daɓe, tsiro ya kasa fasawa. A nan sai a juya amshi ya koma "Jehwa, ruhe, wuce". Hawan murya bai canza ba, yawan gaɓa bai canza ba, amma "wu" gajeruwa ce, ba ta ba diddige wurin zama, ƙafa sai ta shafa ta wuce. Layin "Taka da diddige" kuma a cire shi gaba ɗaya.

Awon iri ma yana bin abin da ake shukawa. Dawa ba a tsunkulenta kamar gero, ƙwaya huɗu zuwa shida ake sakawa. Wake biyu ko uku ne, ƙirgawa ake yi. Tunda ƙirga ta fi tsunkule cin lokaci, dole kari ya sassauta, kuma ɗa na huɗu ya zama wani abu kamar "Wake ukku, kak ka ƙara". Idan an wanke iri da maganin ƙwari, a ƙara layin da ke hana yara kai hannu baki, irin "Iri da magani, ba a tauna", a maimaita shi a kowane zagaye, a kuma wanke hannu da sabulu kafin a taɓa fura.

Sai binne, wato shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, don iri ya tashi da ruwan farko kuma a rage tururuwar aiki a ranar ruwa. Manoman gero da yawa na yin sa, musamman masu manyan gonaki da ƙarancin hannu. Ɗa na biyu ba shi da wuri a nan, domin babu laimar da za a tona, gindin ma ƙarya zai zama tunda ruwa bai sauka ba. Haɗarin binne shi ne yayyafi ya zo ya tayar da iri ya ɗauke, ko ruwa ya yi jinkiri tururuwa da ɓeraye su yi ta ɗiba. Don haka gindin binne roƙo ne:

Kowa da kowa: Mun binne, Allah Shi kawo ruwa.
Jagora: Ba yayyahi muka roƙo ba,
Amshi: Jehwa, ruhe, taka.
Jagora: Ruwan da ka cika tabki,
Amshi: Jehwa, ruhe, taka.

A binne babu fargabar rami ya bushe, don haka mai sungumi na iya yin nisa, layin "jira na baya" ya huta. Abin da za a kiyaye shi ne gangarowar rairayi: busasshen rami yana cikewa da kansa, mai jefa iri ya zo ya tarar da ɗan gurbi kawai, ƙwaya ta zauna a sama inda tsuntsu zai gani. Sai mai sara ya ɗan ƙara nauyin hannu, jagora kuma ya rage sauri, tunda ba a tsere da laima.

Kafin a kai sabuwar waƙa gona, ana gwada ta a tsakar gida. A ja layi a ƙasa, a yi alama goma da tazarar taki guda, mutum biyu su bi suna kwaikwayon shuka da tsakuwa, ɗaya na bayarwa ɗaya na amsawa. Alama goma layin jagora biyar ne cif. Idan an kai alama ta goma da sauran magana a baki, wani layi ya yi tsawo, a nemo shi a datse. Idan diddige na sauka kafin "ta" ko bayanta, ba kalmomi ne da laifi ba, jagora ne ke shiga da wuri, sai ya jira wasalin ƙarshe na amshi ya mutu kafin ya ɗauka. A sa yaro ɗan shekara takwas ko tara cikin masu gwajin, domin takinsa ne mafi gajarta a jeri, kuma da shi za a auna saurin da za a riƙe a gona.